Ranar da Matata Ta Dafa Ƙusa

Ni dai tarihi na karanta a jami'a, aikina kuma tura fayil daga wannan tebur zuwa wancan a wata ma'aikatar tarayya, don haka kada wani ya zaci malamin kimiyya ne ke magana. Abin da na sani game da zafi kafin shekarar nan bai wuce in ce shayi ya huce ko bai huce ba. Matata ce ta shigo da Fiziks gidanmu na Kurudu, ta zaunar da shi a falo, har ya kusa ƙwace mini kujera.

Ta gama sakandare tun kafin mu yi aure, duk darussanta sun yi kyau, Fiziks kaɗai ya kayar da ita. Ita kuwa ungozoma take so ta zama. Tun haihuwar autarmu, da wata ungozoma ta tsaya a kanta har Allah ya sauke ta lafiya bayan mun gama fidda rai, maganar ta shige mata zuciya ta ƙi fita. Makarantar da take nema kuma ba sa kallon takardar mutum in babu Fiziks. Ta sake zana jarrabawar da 'ya'ya uku a gida, ya sake kayar da ita. Ta yi kukanta a ɗaki, ta wanke fuska, ta koma soya cincin ɗin da take sayarwa. Na ɗauka magana ta mutu. Ashe ban san wadda nake aure ba.

Sai ga ta ta samo wani malami da ke koyar da manya ranar Asabar a wani ajin firamare da ke hanyar Karu. Mutumin Filato ne, dattijo, ya yi ritaya daga koyarwa, siriri kamar sandar rake, Hausarsa irin ta Abuja ce, mace ma "ka" yake ce mata. Yana da wata doka da ɗalibansa ke tsoro fiye da jarrabawar kanta: kafin a buɗe rajista yakan ba su aikin gida, ya duba, sannan ya faɗa wa kowa gaskiyarsa, wannan ya shiga bana, wannan ya jira baɗi. Ba ya hana kowa zuwa wani wuri ya yi rajista, amma wanda ya ce wa ya jira ya ƙi ji, yawanci da kuka yake dawowa. Ya riga ya gaya wa matata cewa ta yi ƙoƙari a sauran sassa, lissafin zafi ne kawai ke ja mata baya, kuma aikin ƙarshe ne zai raba gardama.

Ran nan ta dawo daga aji. Ta ɗauko wani kwalin taliya da babu komai a ciki, ta ajiye a ƙarƙashin teburin da take karatu. Da na tambaye ta na mene ne, ta ce in malam ya ce ta jira baɗi, littattafan nan a ciki za ta zuba su ta ba 'yar maƙwabta, ta gama. Ta ce ba za ta iya ƙara shekara tana zama cikin sa'annin ƙannenta ba, ƙashinta ya gaji. Na yi mata wa'azin gemu ba ya hana ilimi, ta ce ita ba ta da gemu. Na san ta, in ta faɗi magana da wannan sanyin muryar to ta zauna. Wallahi kwalin nan ya tsaya mini a rai, duk sanda na wuce sai na ji kamar in yi ƙwallo da shi.

Asabar ɗin da za a ba da aikin, autarmu ta tashi da zazzaɓi, jiki rau kamar garwashi. Aka wuni asibiti, ba ta je aji ba. Da yamma ƙawarta ta aji, wata yarinyar kirki mai surutu da ke aiki a kantin magani a Durumi, ta turo mata hoton takardar ta waya. Ta ce ba wuta ran nan, ba a buga kwafi ba, sai malam ya ciro takardar wani ɗalibin bara ya ce a zagaya da ita kowa ya kwafi tambayar. Su kuwa wa zai tsaya kwafa? Ɗaya ya ɗauki hoto, ya watsa wa kowa.

Na ga hoton nan da idona. A karkace yake, inuwar hannun mai ɗauka ta rufe kusurwa ɗaya, gefen dama kuma ya yanke. Tambayar dai ta fito sarai: an ɗauki ƙarfe mai nauyin giram 400, zafinsa digiri 100, an jefa a ruwa giram 300 mai digiri 28. Kilo ɗaya na ƙarfen yana shan jul 450 kafin ya hau digiri ɗaya, kilo ɗaya na ruwa kuma jul 4200. A ɗauka mazubin bai sha zafin komai ba, ba abin da ya tsere. A nemo zafin da za su tsaya a kai. Jul ɗin nan, in ji matata, shi ne mudun da ake auna zafi da shi. A ƙasan tambayar kuma ga aikin ɗalibin bara da shuɗin biro, layi-layi tsaf, ya ƙare da 16, ya ja layi biyu a ƙasa. Can a bakin hoton, daidai inda ya yanke, ga jan biro ya yi sama kamar alamar an ci.

Ƙawar ta biyo da saƙon murya tana dariya, wai Allah ya kashe ya ba su, ga tambaya ga amsa ga hannun malam a kai.

Ran Lahadi da hantsi, yarinya ta sami sauƙi tana barci, matata ta zauna ta yi nata. Ta sami 37. Ta goge, ta sake, 37. Na gan ta ta dafe kai, ƙafarta kuma tana taɓa kwalin nan a ƙarƙashin tebur. Na matso na ce ta nuna mini, ko da yake na san kallo kawai zan yi.

Ta ce abin ba wuya a baki. Zafin da ƙarfe ya zubar shi ne ruwa ya kwasa, ba ƙari ba ragi. Ƙarfen nan kilo 0.4 sau 450, wato duk digiri ɗaya da ya sauka yana sakin jul 180. Ruwan kuma kilo 0.3 sau 4200, duk digiri ɗaya da zai hau sai ya sha jul 1260. Ta sa harafin T a madadin zafin da ake nema. Ƙarfe ya sauko daga 100 zuwa T, ruwa ya hau daga 28 zuwa T. Ta rubuta mini da manyan baƙaƙe kamar ɗan aji ɗaya:

180 × (100 − T) = 1260 × (T − 28)

Ta buɗe, ta tattara: 18000 da 35280 a gefe guda sun zama 53280, ɗaya gefen 1440 sau T. Ta raba, 37 cif. Ta ce in ma ina shakka a juya: ƙarfe ya sauka digiri 63, sau 180, jul 11340. Ruwa ya hau digiri 9, sau 1260, jul 11340. Sun yi daidai.

Na ce to ai shi ke nan, mene ne na dafe kai? Ta nuna mini wayar. Duk ajin 16 suka rubuta, ga kuma jan biron malam. Ta ce ita wace ce, da Fiziks ya kayar har sau biyu, za ta ce malam ya yi kuskure? Wataƙila akwai wata ƙa'ida da aka koyar ranar da ba ta je ba.

Ni kuma na ba ta shawara irin ta ma'aikaci. Na ce a ofishinmu in oga ya sa jan biro a fayil, ko ya rubuta cewa rana daga yamma take fitowa, "an gani, ranka ya daɗe" ake cewa a wuce. Ta kalle ni ta gefen ido.

"Baban yara, shi ya sa fayil ke shekara a teburinku," in ji ta.

Gaskiya kam ta faɗa.

Ƙawar ta kira ana cikin haka. Ina jin muryarta daga inda nake, tana roƙonta don Allah kada ta jawo wa kanta, wai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma ai 16 ɗin ma cif ta fito ba ɗigo, amsar ƙarya ba ta fitowa haka. Matata ta ce nata ma cif ya fito. Ƙawar ta ce to amma nata ba jan biro. Da gaske take yi, tsoro take ji mata, don ta san zancen kwalin.

Bayan sun gama ta ƙura wa hoton ido, tana buɗa shi da yatsu biyu tana bin aikin ɗalibin bara layi bayan layi. Can ta ce, "Af." Wurin da ya kamata ya rubuta 100 a cire T, shi T a cire 100 ya rubuta. Ya juya ƙarfen kaɗai, ya bar ruwan yadda yake. Daga nan duk lissafinsa daidai ne, ya tafi tiryan-tiryan har ya faɗa rami. Sai kuma ta ajiye wayar ta ce a bar ma lissafi. Ruwa yana 28, an jefa masa ƙarfe mai zafin tafasasshen ruwa, ya za a yi ya koma 16? Ya fi yadda yake sanyi ke nan. Ta ce da haka ne, da masu sayar da ruwan sanyi a bakin titi sun daina neman ƙanƙara, sai su riƙa hura wuta. Dole amsar ta faɗa tsakanin 28 da 100, kuma kusa da ruwan, tunda shi ne mai babban ciki: abin da yake sha kafin ya motsa digiri ɗaya ya ninka na ƙarfen sau bakwai.

Na ce to ta gamsu ke nan. Ta ce kanta ya gamsu, zuciyarta ce ba ta gamsu ba, jan biron nan yana kallonta. Ta miƙe ta ce in ɗauko mata ragowar ƙusoshin da suka rage lokacin da muka yi rufin ɗakin baya.

Abin da ya biyo baya har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Ta ɗauko sikelin da take auna fulawar cincin, ta auna ƙusa giram 400, ta wanke su, ta ɗaure su dam da zare. Ta ɗora tukunyar ruwa a wuta, ta jefa su, ta bar su suna tafasa. Ta auna ruwan famfo giram 300 a ƙaramar kular shayin da nake zuwa ofis da ita. Ni ina tsaye a ƙofar kicin riƙe da murfin kula kamar ɗan aike. Na ce na ji an ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, ban taɓa jin na ƙusa ba, in ya nuna a sa mini yaji. Ko kallona ba ta yi ba.

Ma'aunin zafi ɗaya ne a gidan, na zazzaɓin yara, wanda muka wuni muna sa wa auta a hammata. Ta tsoma shi a ruwan kular tukuna, ya ƙi nuna lamba, sai alamar cewa abin ya yi ƙasa da inda yake iya karantawa. Ta ce ba komai, ba ta da tabbacin ruwan 28 ne daidai, amma ba zai yi nisa ba. In amsar ajin ce gaskiya, bayan an jefa ƙusa ma haka zai ƙi magana. In kuwa tata ce, zai nuna lamba irin ta jikin mutum.

Ta ciro ƙusoshin da zaren, ta girgiza sau ɗaya, ta jefa a kula, na rufe da sauri har na kusa ƙona yatsa. Ta riƙa juya kular a hankali. Bayan ɗan lokaci ta buɗe, ta gauraya da cokali, ta tsoma ma'aunin. Muka sunkuya mu biyu, kanmu har yana gwaruwa. Ya yi ƙara: 35.8.

Na ce ai bai kai 37 ba. Ta ce in takarda ta ce a ɗauka kula ba ta shan zafi, kular ba ta karanta takardar ba. Ita ma ta sha nata, cokali ya sha, wani ya gudu a iska tsakanin tukunya da kula. Ta tsoma yatsa a ruwan, ta kama nawa ta tsoma. Ɗumi ne sosai, irin na wankan jariri. Ta ce wannan ne 16?

A wurin na tsaya ina kallon matar nan, ɗankwali ya zame, gumi a goshi, tana riƙe da ƙullin ƙusa yana ɗiga. Na ji wani irin girmanta ya cika mini ƙirji, har na rasa abin tsokana. Shekarun da muka yi tare, ban taɓa ganin ta yarda da kanta a gaban takarda ba sai ranar.

Duk da haka satin bai yi mata daɗi ba. Ta kwafe aikinta a takarda mai tsabta, ta sa a jaka, amma na sha ganinta ta ciro waya tana sake kallon jan biron. Ta ce ko da ita ce da gaskiya, wani malamin ba ya son a nuna masa kuskurensa, balle a gaban aji. Na ce wannan kam na san irinsu, muna da su hawa-hawa.

Ran Asabar na ce ni zan kai ta. Na ajiye mota a gindin wata bishiyar mangwaro, na zauna a kan dakalin da ke ƙarƙashin tagar ajin, ina yi kamar ina duba waya. Tagar ba gilashi, komai ina ji, in na ɗaga kai kuma ina gani.

Malam ya karɓi takardu ya zauna yana buɗawa. Ya buɗa ta farko, ta biyu, ta uku, saurin hannunsa yana ƙaruwa, fuskarsa tana haɗewa. Ya tsaya a kan wata, ya daɗe. Sai ya cire tabarau ya kira matata, ya ce ta tashi. Na ga ta dafa benci kafin ta miƙe.

"Madam, kowa ya samu sha shida. Kai kaɗai ka samu talatin da bakwai. Ka fi su sani ne?"

Ƙawarta ta sunkuyar da kai. Ni kuwa a waje na ji raina ya ɓaci, saura kaɗan in leƙa ta taga in ce wani abu da zai ja mana abin kunya.

"Ban fi kowa sani ba, Malam," ta ce. "Amma ruwan da aka jefa wa ƙarfe mai zafi ba zai ƙara sanyi ba. Na ga jan bironka a hoton. Na yi ta nema in ga inda na ɓata, ban gani ba. Sai na gwada a gida."

Ya tambaye ta da me ta gwada. Ta ce da ƙusa da kula da ma'aunin zazzaɓi. Wasu suka fara dariya, ya ɗaga hannu suka yi shiru. Ya tambayi abin da ta samu, ta faɗa. Ya tambayi dalilin da bai kai 37 ba, ta faɗa masa yadda ta faɗa mini, har da cokalin.

Dattijon nan ya miƙe tsaye. Ya buɗe jakarsa, ya lalubo takardar ɗalibin bara, ita kanta ba hotonta ba, ya ɗaga ta sama ya zagaya da ita gaban benci. Jan biron nan ashe ƙaton kuros ne na an faɗi, mai hoto ya yanke rabinsa, abin da ya rage ya yi kama da an ci. Ajin ya ɗauki salati da "Jesus" a haɗe. Malam ya ce shi ma da laifinsa, da bai ba su takarda mai amsa a jiki ba. Amma abin da ya ƙona masa rai, in ji shi, manya da hankalinsu, masu dafa abinci kullum, sun rubuta cewa wuta tana sanyaya ruwa don sun ga jan biro. Ya ce kowa ya ciro takarda, zai ba da wata tambayar yanzu a yi a gabansa, waya kuma a jaka.

Matata ta fara laluben biro. Ya ce ita ta ajiye.

"Ka je ka yi rajista bana," ya ce. "Ko da kuros ɗin nan alamar ci ce, ni na yi kuskure, da haka nake so ka tsaya. Asibiti za ka je. Wata rana takarda za ta ce maka mara lafiya lafiyarsa ƙalau, hannunka ya ce maka ƙarya ne."

Ta ce ta gode, ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni ma na juya ina kallon mangwaro, don wani abu ya shiga mini ido.

A mota, mun kusa gida, ta juyo ta kalle ni. Ta ce ƙawarta ta ci tambaya ta biyun, kuma ta roƙe ta ta riƙa zuwa ran Lahadi su yi karatu tare. Na ce sharaɗi ɗaya, su nemi tasu kular, tawa har yanzu shayinta ƙarfe-ƙarfe yake yi. Ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

Muna shiga, ko mayafi ba ta cire ba, ta durƙusa ta jawo kwalin taliyar daga ƙarƙashin tebur. Ta juya shi, ta kakkaɓe, ta wuce da shi kicin. Da na leƙa, albasa take zubawa a ciki.